Fassarar da Ta Sauke Kawu Daga Babur

Tafinta ɓarawo ne, kuma da biro ya yi satarsa. Bai haura katanga ba, bai fasa akwati ba. Kawunsa da ya rene shi ne ya miƙa masa takarda ya ce ya fassara masa, shi kuma ya rubuta masa abin da babu shi a ciki. Duk wanda ya san haruffan da ɗan'uwansa bai sani ba, ya kuma cuce shi da su, ɗaya suke da mai yi wa makaho jagora ya kai shi bakin rami. Wasu sun ce ƙuruciya ce. Ba ƙuruciya ba ce, mutum ne mai gemu.

Kawu mai gyaran keken ɗinki ne. Yana da tsohon babur da jakar fata mai cike da sukudireba da filaya da man keke da allurai. Kullum da safe yakan ɗaure jakar a bayan babur ya bi ƙauyuka, duk telan da kekensa ke tsinka zare ko tsallake ɗinki yana jiran jin ƙarar wannan babur. Da shi Kawu ya ci, da shi ya ciyar, da shi kuma ya biya wa ɗan ƙanwarsa makaranta har ya iya Turanci. Yaron ya gama, ya dawo gida bai sami aiki ba, ya zauna yana karanta wa mutane saƙonnin waya da takardun ofis, har sunan Tafinta ya bi shi ya danne na yanka.

Shi Kawu ba jahili ba ne. Da girmansa ya shiga ajin manya ya koyi karatun Hausa, yana bin layi da yatsa, leɓɓansa na motsi. Aibinsa ɗaya: duk abin da ya gani a rubuce, to ya zauna. Ka faɗa masa magana da baki ya yi gardama har rana ta faɗi, ka rubuta masa ita ya ce gaskiya ne.

Da ciwon kai ya matsa masa, ya je ƙaramin asibitin da ke bakin gari. Malamar asibitin, wadda kowa ke kira Sista, ta ɗaura masa abin awo a dantse ta ce jininsa ya hau. Ya koma aka sake awo, aka sami haka, likitan da ke zuwa lokaci-lokaci ya rubuta masa magani. Ranar da ya je karɓa layi ya kai har waje. Sista ta ba shi kwali ta ce ƙwaya ɗaya kullum da safe, ya rage gishiri da kitse, ya dawo bayan wata.

"Akwai takarda a ciki, Baba," in ji ta. "Ka sami mai Turanci ya karanta maka ita tsaf."

"Ina da shi a gida," in ji Kawu da alfahari. "Ni na biya kuɗin Turancin."

A tsakar gida ya zare takardar daga kwalin. A naɗe take kamar ba komai, amma da ya warware ta sai ta yi ta buɗewa har ta rufe masa cinya, gaba da baya duk rubutu ne ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Ya kira Tafinta ya ce ya mayar masa da ita Hausa a rubuce, don ya riƙa karantawa da kansa.

Tafinta ya shiga ɗaki da takardar. Kafin ruwan shayin Inna, matar Kawu, ya tafasa, ya fito da rabin shafi.

Inna ta dubi doguwar takardar, ta dubi rabin shafin. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya awo.

"Duk wannan zanen gado," in ji ta, "shi ne ya koma ɗan hankici?"

"Inna, Turanci surutu gare shi," in ji Tafinta. "Abin da Bahaushe zai faɗa da kalma uku, Bature sai ya cika shafi."

"To ashe mun fi su hankali," in ji Kawu, ya sa yatsa ya fara karatu.

Layin farko gaskiya ne: ƙwaya ɗaya kullum. Na biyu ya ce maganin ba shi da wata illa ko kaɗan. Na uku ya ce mai shan sa kada ya ci nama, ko soyayye ko dafaffe. Na huɗu ya ce mai shan wannan magani kada ya ƙara tuƙa babur muddin yana shan sa, ya miƙa shi ga wani ɗan'uwansa na kusa ya riƙa hawa don kada injin ya kwanta.

Yatsan Kawu ya tsaya a nan. Ya koma ya sake bin layin.

"Har yaushe zan sha maganin?"

"Ai na hawan jini ba a dainawa, Kawu."

Kawu ya daɗe yana kallon babur ɗin da ke jingine a inuwa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli ya miƙa. Tafinta ya karɓa da hannu biyu, fuska a sunkuye kamar wanda aka ɗora wa nauyi. Da aka kawo abinci, kwanonsu ɗaya kamar kullum, Kawu ya tura tsokar naman gefen yaron da cokali.

"Ci, ɗan nan. Ni an hana ni."

"Allah ya ba ka lafiya, Kawu," in ji Tafinta, ya ci.

Da farko an yi shiri mai kyau: Tafinta zai riƙa goya Kawu zuwa wurin aiki. Ya yi hakan 'yan kwanaki, ya ga zaman jira a shagon tela ana kwance ƙoshiyar keke ba shi ne abin da ya yi ƙarya dominsa ba. Sai wata safiya ya ce ya sake duba takardar Turancin, ashe akwai layin da ya tsallake. Ya karɓi rabin shafin ya ƙara a ƙasa: ko goyo ma kada a yi masa, girgiza tana tayar da jini. Daga ranar babur ya zama nasa shi kaɗai. Ya wanke shi, ya sa masa sabon madubi, ya riƙa ratsa kasuwa yana danna oda ba dalili.

Kawu ya gwada tafiya a ƙasa da jakarsa. Ƙauyen kusa ya iya, na nesa suka gagare shi. Teloli suka yi ta aiko saƙo, daga baya saƙon ya ragu, don keke ba ya jiran mai gyara ya warke. Aka fara jin wani mai gyara daga wani gari yana zagaya wuraren da Kawu ya riƙe tun yana saurayi.

Abin da Tafinta bai lissafa ba shi ne, a ƙauye takarda ba ta kwana a gida ɗaya. Kawu yana da majalisa a gindin bishiya kusa da rumfar Mahauci, abokinsa tun na yarinta, wanda shi ma yake shan maganin hawan jini. Kawu mutum ne da ba ya ɓoye alheri, sai ya fito da rabin shafin ya karanta masa.

"Nama?" in ji Mahauci. "Ni? Ni da nake kwana ina tashi a cikinsa?"

"A rubuce yake."

"Wane ne ya rubuta?"

"Masu maganin. Ɗana ya fassara."

Mahauci ya dubi cinyar da ke rataye a rumfarsa kamar mai bankwana. Ya ari takardar ya kai gida, daga gidansa ta wuce gidan wani, aka kwafe ta, aka sake kwafewa. Kafin wata ya ƙare dattawan garin masu hawan jini sun jingine babura, 'ya'yansu da jikokinsu suna ta murna suna yi wa masu magani addu'a. Cinikin Mahauci ya ja baya, don waɗanda suka daina cin nama su ne masu sayensa.

Ana cikin haka idon sawun Kawu ya fara kumbura da yamma, har takalmi yana yi masa shaida. Ya duba takardarsa, ta ce maganin ba shi da illa. Sai ya ce to wata cuta ce sabuwa ta zo, ya shiga damuwa ya yi shiru da ita. Inna ce ta gani yana wanke ƙafa.

"Malam, ƙafarka ta zama ta giwa, aikinka ya tsaya, ka rame kamar sanda, wancan kuma yana ta ƙiba yana yawo. Wannan magani kai yake yi wa aiki ko shi?"

Maganar ta shige Kawu. Ya auna a ransa: ga magani, ga sana'a, takarda ta ce ba za su haɗu ba. Mutum ba ya cin ƙwaya ya ƙoshi. Ya daina shan maganin, ya ce da zarar ya fita daga jikinsa zai karɓi makullinsa. Ciwon kai ya dawo, ya ɗaure. Amma da yake shi ba mai yin abu a ɓoye ba ne, ya ce sai ya je ya faɗa wa Sista da bakinsa, ya mayar mata da sauran ƙwayoyin ko wani zai amfana. Mahauci ya ce zai raka shi, shi ma yana da magana.

Suka tafi a ƙasa. A hanya Tafinta ya wuce su a guje, ya ɗaga musu hannu, ya bar su da ƙura.

"Yaron kirki," in ji Kawu. "Bai bar injin ya kwanta ba."

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda, da benci dogo da ma'aunin jarirai a rataye. Da layi ya zo kansu, Kawu ya zauna ya ciro gwangwanin da yake ajiye allurai, ya buɗe ya ɗora a tebur. Ƙwayoyin ne a ciki tsirara, duk ya ɓalle su daga ledarsu, sun yi dushi-dushi, wasu sun fara marmashewa, suna warin man keke.

"Na kawo miki kayanki, 'yata. Na gode, amma na fasa. Ina da iyali, ba zan iya barin babur ba."

"Wa ya ce ka bar babur?"

"Ni kuma a tambayar mini," in ji Mahauci daga bakin ƙofa, "naman kaza ma yana ciki? Don an ce nama, ba a fayyace ba."

Sista ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya miƙa mata rabin shafin, ya haɗa da doguwar takardar Turancin da ya adana. Ta karanta Hausar. Da ta kai wurin ɗan'uwa na kusa, sai ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Ta yi ƙoƙarin haɗe rai, dariyar ta ƙwace.

"Baba, kamfanin da ya yi maganin nan har ya san kana da ɗan'uwa na kusa? Bai faɗi sunansa ba?"

Kawu ya karɓi rabin shafin ya sake bin layin da yatsa. Ba wawa ba ne, yarda ce ta yi masa yawa. A hankali fuskarsa ta canza.

Dariyar Sista ta ɗauke da ta ɗaura masa abin awo. Jinin ya koma sama. Ta danna idon sawunsa da yatsa, ta tambaye shi ko yana haki, ko ƙirji na ciwo, ya ce a'a. Ta ce kumburin sananne ne ga wannan magani, yana nan a rubuce a takardar, kuma ba dalilin dainawa ba ne da kansa, likita zai duba ya ga ko a rage ko a canza. Abin da ya fi haɗari shi ne dainawar da ya yi.

"Da ka faɗi a hanya fa? Saboda rabin shafi?"

Ta aika a kira Tafinta. Ya zo a kan babur, ya kafe shi a gaban baranda, ya shigo yana kaɗa makulli a yatsa. Da ya ga takardun biyu a jere a kan tebur, makullin ya daina juyawa.

"Zauna, malam mai fassara," in ji Sista. "Nuna mini nama a nan."

Ya duba gaba, ya duba baya. "Ai Sista, ke da kanki kin ce ya rage kitse."

"Na ce ya rage kitse. Ban ce ya ba ka tsoka ba. Nuna mini babur."

Nan ya sami ɗan abin kamawa, ya sa yatsa a wani sakin layi. "Ga shi, an yi maganar tuƙi."

"Karanta wa kawunka da Hausa, yadda yake."

Ya yi gyaran murya. Muryar ta fito ƙarama. "Idan maganin ya sa ka jiri, ko tashin zuciya, ko gajiya, ko ciwon kai, kada ka yi tuƙi ko aiki da inji, ka sanar da likita."

"Baba, maganin ya sa ka jiri?"

"Kwanakin farko na ɗan ji kaina wani iri. Ya wuce tuni."

"To ɗan'uwa na kusa fa, yana wane layi? Goyo fa?"

Tafinta ya dubi ƙasa. Mahauci ya shigo ɗakin gaba ɗaya.

"Kai, ɗan nan! Wata guda ina yanka ina kallo kamar kare a bakin mayanka! Ka san abin da na sha? Romon ma matata ta hana ni!"

"Baba, ni ban ce a kai maka ba."

"Au, ƙaryar ta gida ce, mu muka yi shisshigi?"

Masu jira a baranda suka fashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya miƙa hannu kawai, Tafinta ya sa masa makulli a ciki.

Sista ta ce ba a gama ba. Takardar tana buƙatar fassara, kuma wanda ya ɓata shi zai gyara. Ta ba shi takardu farare da biro, ta zaunar da shi a ƙarshen benci, Kawu a damansa, Mahauci a hagunsa. Ta kafa doka: ba ragi, ba ƙari. Duk sakin layin da ya gama, Kawu zai karanta da kansa ya faɗi abin da ya fahimta. In ya fahimta daidai a wuce, in bai fahimta ba laifin mai fassara ne, a sake. Ita kuma za ta riƙa leƙowa tsakanin marasa lafiya tana gwadawa da Turancin.

Nan Tafinta ya gane cewa aikin da ya yi kafin ruwa ya tafasa aikin yini ne. Sashen shan magani bai ba shi wuya ba: ƙwaya ɗaya kullum a lokaci ɗaya, da abinci ko babu, in an manta kada a haɗa biyu don ramuwa, kada a daina sai da izinin likita. Da ya kai illoli sai ya ajiye biro.

"Sista, in na rubuta duk wannan, tsoro ne zai kashe shi kafin hawan jini. Shi ya sa ma na bar su."

"Ƙarya kake," in ji Kawu. "Lalaci ne ya sa ka bar su. Na ga abin tsoro tun ba a haife ka ba. Rubuta."

Sista ta nuna masa yadda takardar ta kasa su. Akwai waɗanda ba a jira da su: kumburin fuska ko leɓe ko harshe, numfashi ya sarƙe, ciwon ƙirji, fata ta yi ƙuraje masu tsanani tana saɓulewa. Waɗannan ba kasafai suke faruwa ba, amma duk wanda ya gani ya taho asibiti nan take. Ta ce ya sa su a sama da manyan haruffa, kamar yadda masu takardar suka sa su a gaba. Sannan waɗanda aka fi gani: kumburin idon sawu, ciwon kai, jiri, jin barci, jin zafi a fuska, bugun zuciya. Ta ce kowane rukuni ya rubuta yawansa, don mutum ya san wanne ne ruwan dare, wanne ne sai an tona.

Tafinta ya rubuta, Kawu ya bi da yatsa: "Cikin mutum goma masu shan sa, ɗaya zai iya samun wannan."

"Mu goma ne a majalisa," in ji Mahauci. "Wane ne ɗayan?"

Kawu ya ɗaga ƙafarsa ya nuna masa. "Ga shi. Na ɗauke muku."

"Ba haka ake lissafin ba, Baba," in ji Sista daga cikin ɗaki. "Shi ma zai iya samu."

"To a rubuta haka, kada ya saki jiki."

Aka ƙara layi.

Sai suka ci karo da wani ɗan itace da takardar ta hana ci ko shan ruwansa tare da maganin, don yana ƙara masa ƙarfi a jiki. Tafinta ya rubuta lemo. Kawu ya karanta ya ce to shi ke nan, ya bar lemo.

"Ka gani?" in ji Sista. "Yanzu da ka hana gari lemo, mai lemo ya zo ya tsaya kusa da Mahauci." Ta ce ba lemon zaƙi ba ne, ba na tsami ba ne, wani babba ne mai ɗaci-ɗaci da ba a cika ganinsa a nan ba. Ta sa ya kwatanta shi haka, ya kuma rubuta sunansa na Turanci a gefe, don in an gan shi a jikin kwalin lemon sha a gane.

A sashen ajiya Tafinta ya rubuta abin da ya gani: kada zafin wurin ya wuce digiri talatin. Kawu ya karanta ya ɗago kai.

"Ina na ga abin auna zafi? Ko in riƙa tambayar bango?"

Tafinta ya buɗe baki zai ce ai haka aka rubuta, ya tuna dokar, ya rufe. Ya yi tunani, karo na farko a ranar da ya yi tunanin mai karatu ba na kansa ba. Ya bar lambar yadda take, ya tambayi Sista, ya ƙara bayani a ƙarƙashi: a ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki, busasshe, inda rana ba ta kaiwa, ban da taga, ban da kusa da murhu, ban da saman bango dab da rufin kwano, ban da aljihu. A bar kowace ƙwaya a ledarta cikin kwalinta sai lokacin sha. A sa inda yara ba sa gani, hannunsu ba ya kaiwa. A duba watan da aka buga a kwali, in ya wuce kada a sha.

"Ƙara ban da gwangwanin allura," in ji Mahauci.

"Wannan ba ya cikin Turancin," in ji Kawu da sauri.

"Yana ciki," in ji Sista, ta ɗauke gwangwanin ta juye ƙwayoyin a kwandon magungunan da suka lalace. "An ce a bar su a ledarsu." Ta ba shi sabon kwali, ta sa ya sha ɗaya a gabanta, ta faɗa masa ranar da likita zai zo.

Rana ta yi sanyi kafin su gama. Fassarar ta ci shafi huɗu. Sista ta bi ta layi-layi, ta gyara wuri biyu, ta rubuta sunan maganin da ƙarfinsa a sama. Ta ja kunnensu cewa maganin hawan jini iri-iri ne, wannan takarda ta mai shan irin wannan ce kawai, kowa ya duba sunan da ke kwalinsa. Aka duba na Mahauci, da ma ya taho da kwalinsa, ashe nasa ma wani iri ne dabam.

"Wato yunwar da na sha ko a ƙaryar ma ba tawa ba ce," in ji shi.

Sista ta ce da Kawu ya bari jinin ya sauka, ya ga ba jiri, sannan ya hau babur. Don haka Tafinta ne ya turo shi har gida, Kawu da Mahauci suna biye suna hira. Inna ta karɓi shafi huɗun ta jijjiga su a hannu.

"Yau kuma Hausar ce ta yi surutu?"

Tun dare bai yi ba Kawu ya yanke wa Tafinta hukunci a tsakar gida, Inna da Mahauci suna shaida. Bai ɗaga murya ba, kuma yadda ya yanke haka aka yi.

Tafinta bai ƙara taɓa babur ɗin ba, ko wanki. Ya bi gidajen dattawan nan ɗaya bayan ɗaya a ƙasa, ya tsaya a ƙofar kowanne ya ce da bakinsa ƙarya ya rubuta, ya karɓo kwafin ya yaga. Mai shan irin maganin Kawu, sai Tafinta ya kwafe masa shafi huɗun da hannu. Mai shan wani iri kuma, sai ya karɓi takardar kwalinsa ya fassara, ya kai wa Sista ta duba, ya mayar. Samarin da aka karɓe wa babura suka daina gaishe shi. Kawu ya koma zagayen telolinsa, ya daina cin kwano ɗaya da Tafinta, kuma har aka gama aikin nan Inna ba ta sa masa nama ba.